Murhun da Safiyanu Ya Gina wa Ƙanwarsa

Safiyanu Inuwa bai taɓa cin kifin banda a gabana ba, alhali mun fi shekara goma muna zaune a ofis ɗaya. A Haɗejiya wannan kusan laifi ne. Garin da ake yi wa baƙo tsaraba da kwandon tarwaɗa, a ce ga ɗan ƙasa yana kawar da kai idan an buɗe kwanon miyar kifi. Na daɗe ina tsokanarsa cewa jinin Fulani ne bai gama sakinsa ba, har yanzu nono yake jira. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da cin gurasarsa. Sai da muka saba sosai ya gaya mini dalili, daga ranar kuma na daina wannan wasan.

Ni sunana Yakubu. Tare muke koyar da ilimin injiniya a wata kwalejin fasaha. Ni ina koyar da zanen injuna, shi kuma darasin yadda zafi ke tafiya daga abu zuwa abu. Siriri ne, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalmomin su fashe. Ni kuwa baki gare ni, kowa ya sani.

An haife shi a wani ƙauye na gefen fadama, a ƙasar Auyo. Kakanninsa makiyaya ne, amma shanun sun ƙare tun mahaifinsa yana saurayi, sai gidan ya koma noman shinkafa. Mahaifiyarsa, 'Yar'azumi, ta koyi bandar kifi wurin matan masunta don ta rufa wa gida asiri. Duk wanda ya san sana'ar ya san yadda take. Murhun ƙasa ne ko rabin duro, a ɗora raga a kai, a jera kifi, a hura ɗanyen itace a ƙasa, mace ta tsuguna a cikin hayaƙi tana juya kifin ɗaya bayan ɗaya tun safe har yamma. Da kuɗin wannan hayaƙin aka kai Safiyanu makaranta. Yana shekararsa ta ƙarshe a jami'a tari ya kwantar da ita, bai kuma tashe ta ba. Ya ce mini har a likkafaninta yana jin ƙamshin banda.

Ƙanwarsa ɗaya ce, Nuriyya. Ita ta gaji murhun. Mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, kuma ba macen da za ta zauna ta jira wa ya aiko ba ce. Na san ta. Gajeruwa ce mai dariya da ƙarfi, idanunta kullum jajaye suna ruwa, ba don kuka ba. Idan ta shigo gari sayar da kifi takan biyo ta ofishinmu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa wanta, wanda take kira Hamma irin na Fulani, “Hamma, har yanzu kana nan kana auna iska? Mu dai muna can muna shaƙarta.” Ni kuma ta miƙo mini ƙunshin kifi a ɓoye, wai kada wan nata ya gani.

Auna iskar da take faɗa gaskiya ne. A bayan gidansa da ke Haɗejiya Safiyanu ya haɗa wani dogon akwati na katako, buɗe gaba da baya, da fanka a ƙarshensa. Yakan rataye fallen ƙarfe a ciki da zare, a tsaye ta gefensa yadda iska za ta bi fuskokinsa biyu tana shafa su, ya ɗaura wani zaren daga fallen ya bi ta kan ƙaramar gargare zuwa sikelin masu sayar da gwal. Idan ya kunna fanka, iska ta ɗan ja fallen baya, sikeli ya nuna nauyin jan. A nan yake kawo ɗalibansa su ga abin da yake rubuta musu a allo, wato ƙiyasin Reynolds.

Na sha zama a bayan ajinsa ina jiran mu tafi salla, har na haddace bayanin. Yakan ce iskar da ke bin fuskar ƙarfe ba ta wucewa haka kawai. Wadda ta taɓa ƙarfen tana rage gudu, ta koma cikin 'yan'uwanta, wata ta sauko ta maye gurbinta. Wannan kai da komowa shi ke jan ƙarfen, kuma shi ne dai ke kwashe zafinsa. “Kwalekwale ɗaya ne,” in ji shi, “shi ke tsallakar da mutane, shi ke tsallakar da kayansu. Idan ka san yawan zirga-zirgarsa, ka san duka biyun.” Saboda haka wanda ba shi da kayan auna zafi, amma yana iya auna ja, bai rasa komai ba. Ya raba jan da faɗin fuskar ƙarfen, ya ninka da zafin da kilo ɗaya na iska ke sha kafin ya hau digiri ɗaya, ya raba da gudun iskar, ya ƙara ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin huɗu tunda iska ce. Abin da ya fito shi ne lambar da suke kira h, wato yawan zafin da iska za ta ɗauka daga kowace mita murabba'i ta ƙarfen a kan kowane digiri da ƙarfen ya fi ta zafi.

Daga nan sai ya ajiye alli ya juyo, muryarsa ta canza. Ya ce kowane ƙiyasi yana da sharaɗi, malaman fiƙihu ma sun faɗa. Sharaɗin wannan shi ne jan ya kasance na shafa ne kaɗai. Idan akwai wani tudu a kan ƙarfen da iska ke karo da shi tana tura shi, wannan turin zai hau sikeli, amma ba ya ɗaukar zafi gwargwadon nauyinsa. Wanda ya haɗa turi da shafa ya zuba a lissafi, lambar da zai samu ƙarya ce. Duk shekara sai ya saka wannan tarko a jarrabawa, duk shekara kuma sai ya kama rabin aji. Ba ya ba da ko maki ɗaya a kai. Ɗalibai har suna suka sa masa, Malam Sharaɗi.

Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin abin da ya faru daga baya ba rashin sani ba ne. Da rashin sani ne da ya fi mini sauƙin faɗa.

A wata damina Nuriyya ta fara tarin da ba ya jin magani. Safiyanu ya kawo ta asibiti, likita ya saurari ƙirjinta, ya duba hoto, ya ce huhunta ya gaji, in ta ci gaba da zama cikin hayaƙi ba zai ɗauke ta da nisa ba. A hanyar komawa ina tuƙi suna baya, ina jin su.

“Ki bar bandar nan, Nuriyya. Zan riƙa aiko miki.”

“Da me, Hamma? Kai ma naka bakunan suna buɗe. Kuma in na zauna, matan da ke kawo mini kifinsu fa?”

“Irin tarin Inna ne.”

“Na sani. Ai ni na yi jinyarta.”

Muka sauke ta a ƙauye. Da muka juyo mu biyu, ya ce mini zai gina mata murhun da hayaƙi ba zai taɓa fuskarta ba.

Tsarin mai kyau ne, ni na zana masa shi, kuma har gobe ina cewa mai kyau ne. Wuta a ƙasa, ta buntun shinkafa, wanda ake zubarwa a banza a bakin kowane injin casa. A saman wutar fallen ƙarfe a rufe ruf, hayaƙi ya bi bututu ya fita ta rufin ɗaki. A saman fallen kuma fanka mai aiki da hasken rana ta riƙa tura iska mai tsabta, iskar ta kwashi zafin ƙarfen ta shiga akwatin da kifi ke jere. Ya bar wata 'yar kafa da za a buɗe a ƙarshe don kifin ya sami ɗan hayaƙin da masu saye ke so. Abu ɗaya ya rage a sani, girman fallen. Idan ya yi kaɗan, iskar ba za ta yi zafin da zai busar da kifi ba. Girman kuwa yana hannun h.

Ya rataye falle mai santsi a akwatinsa, tsawon mita ɗaya, faɗin rabin mita, fuska biyu ke nan mita murabba'i ɗaya. Ya saita iska a mita biyar cikin daƙiƙa, gudun da fankar murhun za ta bayar. Sikeli ya nuna gram uku da rabi. Ya buga lissafi, h ta fito kusan tara. Da tara, murhun yana bukatar ƙarfe mita murabba'i biyar, mai kaurin da zai jure wuta, da gidan wuta mai girman da zai ɗauke shi. Albashin malami ba ya kai nan, ko da ya yi azumin wata uku. Na ga yadda ya zauna a kan bulo yana kallon sikelin nan kamar zai canza ra'ayi.

A nan Kolo ya shigo labarin. Kolo mai walda ne a hanyar kasuwa, mutumin kirki, kuma gwani a aikinsa. Ƙofofi da tagogi yake yi. Yana da ƙa'ida ɗaya da ya gada wurin ubangidansa: ba ya barin fallen ƙarfe ya fita daga shagonsa tsirara. Dole ya gitta masa rodi ya liƙe, abin da suke kira haƙarƙari, don kada ya lanƙwashe. Safiyanu ya kai masa fallen gwaji don ya gyara masa bakinsa kawai. Da ya koma ɗauka, ya tarar Kolo ya jera masa haƙarƙari gaba da baya, a gicciye.

“Wa ya sa ka?” in ji Safiyanu.

“Haba Malam, ƙarfen da za a sa a wuta? Ai ba haƙarƙari sai ya naɗe kamar tabarma. Kyauta na yi maka, ba sai ka biya ba.”

Ba laifin Kolo ba ne, kuma duk wanda ya ce laifinsa ne zai gamu da ni. Ya yi abin da ya sani, kuma a kan lanƙwasa yana da gaskiya.

Safiyanu ya kawo fallen gida yana ƙunƙuni. Maimakon ya sa a cire rodin, sai ya ce bari ya rataye shi ya gani. Washegari da hantsi ya kira ni, wai in zo yanzu. Na tarar da shi tsaye a bakin akwatin, fanka na juyawa. Sikeli yana nuna gram goma sha takwas.

“Arba'in da biyar, Yakubu,” ya ce. “Mita ɗaya ta isa. Falle ɗaya.”

Na dube shi, na dubi fallen, na sake dubansa. Na ɗauka wasa yake.

“Malam Safiyanu, ni mai zane ne, amma na zauna a ajinka. Wannan ba shafa ba ce. Iska ce ke karo da rodin Kolo tana turawa.”

“Haƙarƙari yana dama iska. Yana ƙara ɗaukar zafi. Wannan sananne ne.”

“Yana ƙarawa, ban musa ba. Ninki biyar?”

Ya juya yana kallon sikelin.

“Ninki biyar, Malam Sharaɗi? Da ɗalibinka ne ya kawo maka wannan, maki nawa za ka ba shi?”

“Ko bai kai arba'in da biyar ba, zai yi kusa. Na bar rara a lissafin wutar.”

“To mu gwada da zafi. Mu aro ma'aunai daga Kano, mu ɗumama fallen mu auna gaskiyarsa.”

“Sai yaushe? Ruwa ya fara janyewa. Kifi na fitowa. Jiya ta yi tari har da jini, Yakubu.”

Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganganu. Na ce ƙiyasi ne tsakanin abu biyu da ba iri ɗaya ba, kuma ya fi ni sani. Na ce lamba ba ta san ƙanwar kowa ba. Ya tsaya yana saurarena da idanun nan nasa masu sanyi, sannan ya ce a hankali, “In na jira, a cikin hayaƙi za ta yi wannan kakar. In na gina, wataƙila.” Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ban taɓa ganin wannan magana da idona ba sai ranar. Mutumin da ya fi kowa sanin kaifin takobin shi ne ya rungume shi.

Na yi fushi na kwana biyu, sannan na koma na taya shi, don aboki ne. Kolo ya haɗa murhun da falle ɗaya mai haƙarƙari. Muka ɗora a motar shinkafa muka kai ƙauye. Safiyanu ya sa aka gina masa ɗan ɗaki na bulo da rufin kwano, don kada ruwa ko rana su taɓa Nuriyya tana aiki. Ƙofa ɗaya, taga ƙarama. Ya ce ai ba hayaƙi, me za a yi da manyan tagogi.

Muka hura shi ba kifi a ciki. Fanka ta tashi, hayaƙi ya miƙe ta bututu ya fita sama, ɗakin tas. Ma'aunin da ya rataya a akwatin kifi ya hau har ya wuce saba'in. Matan unguwa suka cika ƙofa suna leƙe. Nuriyya ta sa hannu a bakin akwatin ta janye da sauri, ta yi guɗa, tarin ya katse ta, ta gama shi ta ci gaba da dariya.

“Hamma, ashe awon iskar nan yana da rana!”

Safiyanu ya kalle ni, ni kuma na kawar da kai. Mu biyun mun san akwati marar kaya ba ya shan zafi. Ɗanyen kifi kuwa ruwa ne, kuma ruwa ba ya barin jikinsa sai ya sha zafi mai yawa. Amma ina kallon fuskar yarinyar nan, sai na ji ni ma ina addu'ar Allah ya sa ni ne na yi kuskure. Ya gaya mata kada ta fara sai ya dawo ranar Asabar sun loda tare, kaɗan kaɗan. Ta ce to.

Ranar Alhamis masunta suka yi babban kamu. Kifi ba ya jiran Asabar. Mata huɗu suka kawo nasu suka haɗa da nata, don kowa na son a ce kifinta ne ya fara shiga sabon murhu. Ta cika ragogin duka. Abin da ya biyo baya daga bakin matan na ji shi, kuma na je na ga ƙarfen da idona.

Da aka rufe akwatin, zafin ya faɗi. Iskar da ke shiga ɗumi kawai take, irin ɗumin da ke lalata kifi maimakon ya busar da shi. Fallen ba ya ba iskar ko rabin zafin da aka yi lissafi, haƙarƙarin kuma yana tare ta, ƙaramar fankar ba ta iya tura yadda aka zata. Har azahar kifin na nan jiƙe, ya fara canza wari. Nuriyya ta yi abin da duk mai banda za ta yi, ta ƙara wuta. Ta ƙara buntu, bai isa ba, ta kawo itace. Zafin da iska ta kasa kwashewa ya taru a jikin ƙarfen har ya yi ja. Ya kumbura, ya ja waldar gefe ta tsage. Hayaƙin da ke ƙasa ya samu hanya ya hau sama, fanka ta karɓe shi ta hura shi cikin akwati, ya fito ta kowace kafa ya cika ɗakin nan mai taga ɗaya.

A tsohon murhunta na waje ko ba komai iska na raba ta da rabin hayaƙin. A nan babu inda zai je. Matan suka yi ta kiranta ta fito. Ta ce kifin mutane ne, amana ce. Ta riƙa shiga tana fito da raga ɗaya ɗaya, mayafi a hanci. Ta fitar da na mutane duka. A kan nata ta faɗi.

A asibitin Haɗejiya aka sa mata iskar numfashi. Ta farfaɗo, har ta yi magana, har muka fara sa rai. Safiyanu bai bar bakin gadon ba sai don salla. Wata rana da la'asar ina wurin ta buɗe ido ta gan shi ya sunkuyar da kai.

“Hamma.”

“Na'am.”

“Kada ka sa wa ranka. Ni na ƙara wuta. Kuma ka ce in jira Asabar.”

“Ko kin jira, Nuriyya, ƙarfen ya yi kaɗan. Na san ya yi kaɗan tun kafin in kawo shi.”

Ta daɗe tana kallonsa. Ban san abin da na zata za ta ce ba. Sai ta ɗan motsa hannu ta kama yatsansa.

“To ai don ni ka yi. Hayaƙin shekara ashirin ne a ƙirjina, ba na yini ɗaya ba. Ka gyara shi, ka ji? Matan nan suna so.”

Likita ma ya faɗi kusan haka, cewa huhun ya riga ya lalace, abin da ya faru ya gaggauta ne kawai. Safiyanu ya ce da shi, “Ya gaggauta da wata nawa?” Likitan ya koma kan takardunsa. Ta rasu kafin a gama girbin shinkafa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Na yi kuka a maƙabarta kamar ƙanwata ce, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Ya ɗauko yaranta uku ya haɗa da nasa. Ya koma aiki. Bai daina koyar da ƙiyasin Reynolds ba, don yana cikin manhaja, kuma ƙiyasin bai yi wa kowa ƙarya ba. Amma idan ya zo wurin sharaɗin ba ya juyowa ya kalli aji kamar da. Yana faɗarsa ne fuskarsa na kallon allo. Ɗaliban yanzu ba su san dalili ba, suna cewa malamin ba shi da fara'a. Idan na ji haka sai in ji kamar in kama kunnen yaro in murɗe.

Mutane sun yi ta ba shi haƙuri da abin da aka saba, cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Yakan amsa da “haka ne” ya yi godiya. Ni ban taɓa ce masa na gaya maka ba. Ban kuma taɓa ce masa ba laifinka ba ne, don zai san ƙarya nake, kuma abotarmu ba ta saba da wannan ba. Abin da nake yi shi ne in zauna kusa da shi.

Bayan an yi arba'in ya ce mini zai cika mata alkawari. Ya rubuta wa wani abokin karatunsa a Kano, aka aro masa ma'aunan zafi da abin ɗumama ƙarfe na lantarki wanda aka san ƙarfinsa. Kafin wata ya ƙare kayan suka iso. Abin da muka ce ba za a iya jira ba ke nan.

Wata Asabar da safe muka rataye fallen gwajin nan mai haƙarƙarin Kolo a akwatin bayan gida. Wannan karon babu sikeli. Muka ɗumama shi, muka kunna fanka a gudun da aka yi na farko, muka jira zafin ya tsaya wuri ɗaya. Safiyanu ya karanta ma'aunin ƙarfe, ya karanta na iska, ya raba zafin da muka zuba da faɗin fallen da bambancin digirin. Ina tsaye a bayansa ina kallon yatsunsa.

Goma sha tara.

Ashe haƙarƙarin ya yi aiki. Ya ninka ɗaukar zafi sau biyu da ɗan ɗori, daga tara zuwa goma sha tara, a inda ya ninka jan sau biyar. Na buɗe baki zan ce to yanzu mun san gaskiya, sai na ga bai tsaya ba, yana ci gaba da lissafi. Ya raba arba'in da biyar da goma sha tara. Ya daɗe yana kallon abin da ya fito.

“Ba biyar ba ne,” ya ce. “Ba mita biyar ta ƙarfe take bukata ba, Yakubu. Biyu da rabi ma bai cika ba. Da fanka mai ɗan ƙarfi.”

Na ce masa ya bari haka.

Ya tashi ya kashe fanka. Gidan ya yi tsit, sai muryar yara a tsakar gida suna rigima a kan wani abu. Ya juya yana kallon babur ɗinsa da ke jingine a jikin katanga, tsohon babur da yake zuwa aiki da shi.

“Biyar ta fi ƙarfina, shi ya sa na rufe ido,” ya ce. “Amma biyu da rabi, da na sayar da wannan ya isa.”

Ya zauna a ƙasa a wurin, ya rufe fuska da hularsa. Na zauna kusa da shi.